Hugo ko Next.js: wanne zai dace da shafin kamfaninmu?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masana, na cije a wuri guda, ku taimaka mini da shawara.

Ina gina wa wani kamfanin sayar da iri da taki shafi a yankin Ringim, Jihar Jigawa. Yawancin abin da ke ciki karatu ne: bayanan shuka gero, shinkafa da riɗi, cikin Hausa da Turanci, wajen shafuka dubu biyu da hotuna. Manoman da za su karanta da ƙananan wayoyi suke shiga, sabis kuma yakan yi rauni a ƙauyuka, shi ya sa na fara da Hugo. Shafukan suna buɗewa nan take, ba kuma sabar da zan yi ta gadi.

Matsalar ita ce farashin taki. Yana canjawa kusan kullum, kuma ma'aikatan ofis ne ke gyara shi, ba su san Markdown ko Git ba. Yanzu duk gyara sai an kira ni, in sake gina shafin in tura. Ranar da ba na kusa, tsohon farashi manomi ke gani, har ya zo shago a yi ta sa-in-sa.

Na duba Next.js mai `revalidate`, amma ina tsoron nauyin JavaScript a wayoyin nan, ga kuɗin saba da dala kowane wata.

Shin in zauna a Hugo in haɗa masa Decap CMS, farashin kaɗai ya riƙa zuwa daga fayil ɗin JSON? Ko wannan facin zai dame ni nan gaba? Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah ya faɗa mini inda ya samu cikas.