Doguwar jimlar tsohuwa: a datsa ko a bar ta?

Zainab: Ina fassara babi na 4 na wani ƙagaggen labari daga Turanci. Mai ba da labarin tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Jimlar farko ta kai kalma 70 babu aya, a ciki ta ce "ban tambaye shi ba" sau biyar. Edita ya datsa ta gida uku, ya bar maimaicin sau ɗaya, wai Hausa ba ta ɗaukar doguwar jimla. Ni na ce ya kashe muryar matar.

Nura: Da gaskiyar editan, Yaya Zainab. Na taɓa bin jimlar asali sau da ƙafa, masu karatu suka ce ba su gane wa ya yi me ba.

Malam Sabo: Nura, abin da ya same ka gini ne, ba tsawo ba. Turanci yana cusa ƙananan jimloli a cikin babba, mu kuwa jerawa muke yi, wannan na bin wannan da "sai", "kuma", "har". Saurari wannan: "Ya shigo da yamma ban tambaye shi ba, ya zauna bai cire takalmi ba ban tambaye shi ba, har dare ya raba yana kallon ƙofa, ni dai ban tambaye shi ba." Ina ka ɓata? Maimaicin nan shi ne nadamarta, kullum tana komawa kan abin da ta kasa yi. Zainab, ki karanta da ƙarfi. Inda numfashinki ya yanke a asali, nan ya kamata ya yanke a Hausa.

Hajiya Binta: Ni da karin magana zan maye gurbinsa, ya fi daɗin kunne.

Malam Sabo: Hajiya, a yi haƙuri. Mai karin magana ta riga ta gama tunani, tana koyar da wasu. Wannan matar har yanzu cikin ruɗu take. Ki sa mata hikimar da marubuci bai ba ta ba, ta zama wata.

Zainab: To bikin da ta ambata da sunansa fa? Edita yana son bayani a ƙasan shafi.

Nura: A nan ma ina tare da shi. Mai karatu bai san bikin ba.

Malam Sabo: Ki bar sunan, ki rataya masa aiki ɗaya: "daren da muke kunna wa matattu fitila". Ya isa. Amma kada ta koma malamar aji, ita ba baƙuwa ba ce a garinsu.

Nura: Ai kalmomin nan ma ƙari ne, Malam. Marubucin bai rubuta su ba.

Zainab: Shi ke damuna ke nan. Maimaicin dai zan mayar, duka biyar. Na bikin kuma sai na karanta babi na 5, ko ita da kanta ta bayyana shi a can.