Abin da ke kan saba amma babu shi a Git: yaya kuka yi da shi kafin ku kunna ɗorawa ta atomatik?

Habu Pantami:

Assalamu alaikum. Mu uku ne muke gina shafin wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Gombe, da PHP, kuma tun farko da hannu muke ɗora fayiloli ta FTP. A watan jiya muka mayar da aikin cikin Git, muka buɗe ma'ajiya a GitHub, sannan muka rubuta tsari a GitHub Actions wanda zai sa duk abin da aka haɗe cikin reshen `main` ya hau saba da kansa. Kafin mu kunna shi, na gwada umarnin da `-n`, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba:

```
rsync -avnc --delete ./ asusu@saba:public_html/
```

Abin da ya fito ya sa muka dakata. Akwai layin `deleting .env`, akwai layuka masu yawa na goge hotunan da ma'aikatan kamfanin suka ɗora cikin `uploads/`, sannan `farashi.php` ya fito cikin fayilolin da za a maye gurbinsu, alhali babu wanda ya taɓa shi a cikinmu. Da muka bincika, sai muka gano cewa wani ma'aikacin kamfanin ne yake shiga cPanel yana canza kuɗin buhu kai tsaye a cikin fayil ɗin. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa mana yadda suka yi.

Danladi:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. A nawa ganin, matsalar ita ce ba ku saka komai cikin Git ba. Ku sauko da `uploads/` da `.env` daga saba, ku yi musu komit, daga nan rsync ba zai sami abin gogewa ba. Haka na yi wa shafin wata makaranta, kuma yanzu hankalina kwance yake domin ina da kwafin komai a wuri guda.

Malama Rukayya:

Malam Danladi, ka yi haƙuri, wannan shawara ba za ta fitar da su ba. Hotunan da ka yi wa komit su ne waɗanda ke nan a ranar da ka sauko da su. Duk hoton da ma'aikaci ya ɗora washegari babu shi a ma'ajiya, kuma ɗorawa ta gaba za ta goge shi. Ban da haka, Git ba ya mantuwa: hoton da aka saka aka cire yana nan cikin tarihi, duk wanda ya yi `git clone` sai ya sauko da shi da datarsa, kuma GitHub yana ƙin karɓar fayil ɗin da ya wuce megabait 100.

Batun `.env` ya fi wannan nauyi. Na gaji wani aiki a Bauchi inda aka yi masa komit tun farko, kuma kalmar sirrin rumbun bayanai da ta imel ɗin kamfani duk suna ciki. Mun cire shi da `git rm --cached .env`, mun rubuta sunansa a `.gitignore`, amma wannan bai share shi daga tsofaffin komit ba, kuma akwai mutum biyu da suka bar aikin da cikakken kwafi a kwamfutocinsu. Abin da ya rufe ƙofar shi ne canza dukkan kalmomin sirrin. Ina ba ka shawara ka yi wa makarantar nan haka tun kafin wani ya riga ka.

Ishaya:

Ni hanya mafi sauƙi na bi: na cire `--delete` gaba ɗaya. Tun daga lokacin babu abin da ya sake ɓacewa a shafin da nake kula da shi. Idan rsync ba ya gogewa, ban ga abin tsoro ba.

Injiniya Sale:

Ishaya, gaskiya ne cewa babu abin da zai ɓace, sai dai abin da kake so ya ɓace shi ma ba zai ɓace ba. A wani shafi da aka kira ni in duba, an cire wani tsohon fom na ɗora takardu daga Git saboda ba ya tantance irin fayil ɗin da ake turowa, kowa ya ɗauka an rabu da shi, amma da yake babu `--delete`, fom ɗin ya ci gaba da zama a saba, kuma duk wanda ya san adireshinsa yana iya buɗe shi. Ta nan aka shigo. Don haka a bar `--delete`, amma a gaya masa inda ba zai taɓa ba.

Malam Habu, abubuwa uku ne suka cakuɗe a `public_html` ɗinku, kuma kowanne da mai shi. Kod naku ne, wurinsa Git. Hotuna na kamfani ne, wurinsu saba, tare da kwafin ajiya da ake ɗauka a kai a kai zuwa wani wuri dabam. `.env` kuwa na sabar ne, ana rubuta shi sau ɗaya da hannu a bar shi. Matakin farko shi ne:

```
rsync -avc --delete --exclude='.git' --exclude='.env' \
  --exclude='/uploads/' ./ asusu@saba:public_html/
```

Abin da aka ware da `--exclude` ba a tura shi, ba a kuma goge shi a can, sai dai idan an ƙara `--delete-excluded`, wanda ba ku da buƙatarsa. Ku lura na ware `.git` ma. Umarnin da ka kawo zai ɗora wannan folda cikin shafin, kuma idan sabar ba ta toshe ta ba, baƙo zai iya sauko da kod ɗinku da tarihinsa. Ka yi daidai da ka saka `-c`, domin GitHub Actions yana sauko da ma'ajiya sabuwa a kowane aiki, lokacin da ke jikin fayiloli duk ya zama na yanzu. Ba don `-c` ba, da kusan kowane fayil ya fito a jerin, kuma da ba ka lura da `farashi.php` ba. Haka kuma, shafin cPanel yakan ƙunshi abubuwan da ba ku kuka ajiye ba, kamar `.well-known` da `cgi-bin` da wasu layuka a `.htaccess`, saboda haka ku sake gwajin `-n` ku karanta kowane layin `deleting` har sai babu wanda ba ku san dalilinsa ba.

Habu Pantami:

Na gode, Injiniya. Na sake gwadawa, kuma `.well-known` ya fito kamar yadda ka ce, mun ware shi. Saura `farashi.php`. Shin shi ma mu ware shi ne, mu bar ma'aikacin ya ci gaba?

Injiniya Sale:

A matsayin mafita ta mako ɗaya ko biyu, za ku iya. Amma daga ranar da kuka ware shi, duk gyaran da kuka yi wa wannan fayil a Git ba zai isa saba ba, kuma wata rana wani a cikinku zai ɓata yini yana neman dalilin da gyaransa bai bayyana ba. Abin da zan yi shi ne: in sauko da na kan saba yau, in kwatanta shi da na ma'ajiya da `git diff`, in yi wa farashin da ke aiki komit domin kada a mayar wa kwastomomi da tsohon kuɗi. Daga nan a fitar da farashin daga cikin kod, a kai shi rumbun bayanai, a yi wa ma'aikacin ƙaramin fom mai kalmar sirri. Mutumin ba ɓarna yake yi ba. Farashin buhu yana motsi, kuma ba a ba shi wata hanya ba.

Malama Rukayya:

Na yarda da fom ɗin, amma ina ƙara cewa a karɓe cPanel daga hannun ma'aikatan bayan an gama. A aikin da na ambata, mun yi musu fom, duk da haka bayan wata biyu wani ya shiga ya gyara lambar waya a ƙasan shafi, ɗorawa ta gaba ta share gyaran, aka kira mu ana cewa mun lalata musu shafi.

Injiniya Sale:

A nan muka ɗan saɓa, Malama. Asusun hostin na kamfani ne, su suke biya, kuma ba na jin daɗin riƙe wa mutum makullin gidansa. Ni manajan nake bai wa kalmar sirrin a rubuce, tare da bayanin cewa duk gyaran da aka yi ta can zai goge. Ban ce hakan yana hana faruwar abin ba.

Maryam Azare:

Nawa lamarin ya ɗan bambanta, domin hostin ɗin da kamfaninmu ya saya ba ya ba da SSH, don haka rsync ba ya cikin lissafi, ta FTP tsarinmu yake ɗorawa daga GitHub Actions. Abin da na amfana da shi shi ne cewa ɗorawar tana gudana a kan na'urorin GitHub, ba a kwamfutata ba. A da, idan aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke ina tsakiyar tura fayiloli, shafin yakan tsaya rabi sabo rabi tsoho har sai na samu hanya. Yanzu `git push` kawai nake buƙatar ya wuce, kuma shi ko dai reshen ya karɓi sabon komit ɗin gaba ɗaya ko bai karɓa ba. Sai dai har yanzu akwai mintuna kaɗan, lokacin da fayiloli ke hawa ɗaya bayan ɗaya, da shafin kan nuna kuskure ga mai buɗe shi. Shin rsync ya tsira daga wannan?

Injiniya Sale:

Bai tsira ba, ya dai fi sauri, kuma `--delay-updates` yana taƙaita tazarar. Maganin da nake amfani da shi a inda nake da iko da saba shi ne kowace ɗorawa ta sami sabuwar folda a ƙarƙashin `releases/`, mai ɗauke da lambar komit, `.env` da `uploads/` su zauna a `shared/` a riƙa haɗa su da kowace sabuwar folda ta `ln -s`, shafin kuma ya riƙa karantawa daga `current`. Sai komai ya gama hawa ake juyawa:

```
ln -s releases/3f9a2c1 sabo && mv -T sabo current
```

Juyawar ta lokaci guda ce, kuma idan sabon ya zo da matsala, da wannan umarnin ake komawa foldar da ta gabata. Iyakarsa biyu. Na farko, idan ɗorawar ta canza tsarin rumbun bayanai, komawa tsohon kod ba ya mayar da rumbun yadda yake, shi ya sa nake ɗaukar kwafinsa da `mysqldump` kafin irin wannan canji. Na biyu, OPcache na PHP yana iya ci gaba da riƙe tsohuwar folda bayan an juya, sai an sake loda PHP-FPM, abin da hostin na haɗaka ba kasafai yake bari ba. Ta FTP kaɗai, Malama Maryam, wannan tsari ba zai yiwu ba; ku riƙa haɗe aiki cikin `main` a lokacin da masu ziyara suka yi ƙaranci.

Habu Pantami:

Mun yi wa farashin yau komit, mun ware foldojin, kuma gwajin `-n` yanzu tsofaffin fayiloli biyu kawai yake son gogewa, waɗanda mu muka cire su da kanmu. Mun ɗauki kwafin `public_html` da na rumbun bayanai, za mu kunna bayan sallar isha'i. Na tura wa masu hostin tambaya ko za su bari `public_html` ya riƙa nuna `current`, ba su amsa ba tukuna. Batun karɓe cPanel kuwa sai mun zauna da manajan ranar Litinin.