Ƙamus da aji sun isa su ceci harshe?

Danladi: Ni dai ra'ayina, harshen da aka rubuta, aka yi masa ƙamus, aka shigar da shi makaranta, ya tsira. Ƙananan harsunanmu na Bauchi da Filato da Yobe rashin rubutu ne ke kashe su. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Garba: Danladi, hujjar tana ƙasar Niyu Zilan. Harshen Maori, 'yan asalin ƙasar, an daɗe ana rubuta shi. Tun ƙarni na 19 suna da jaridu, kuma a 1868 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen. Duk da haka, da Richard Benton ya bi gidaje yana bincike a shekarun 1970, sai ya tarar masu jin harshen sosai ba su wuce kimanin mutum 70,000 ba, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na Maori, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Abin da ya faru shi ne, makarantu sun koma Turanci, ana dukan yara in sun yi harshensu, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka kwarara birane neman aiki. Waɗanda suka sha bulala suna yara, da suka haihu sai suka riƙa yi wa 'ya'yansu Turanci don kada su sha irin wahalarsu. Littattafai suna nan a ajiye, amma uwa ta daina rarrashin ɗanta da harshen. A nan igiyar ta tsinke.

Bitrus: Malam, ni a ganina ƙarancin mutane ne matsalar. Harshen da ke da mutum dubu biyu ina zai kai? Wanda ke da dubu ɗari kuwa ba abin da zai same shi.

Malam Garba: Yawa yana da tasiri, Bitrus, ban musa ba. Ƙauye ɗaya annoba ko rikici na iya watsa shi. Amma yawa ba shi ne ma'auni na farko ba. Ka ɗauki harshe mai mutum dubu biyu da yara ke faɗa da shi a bakin rijiya, ka ajiye shi kusa da mai dubu ɗari wanda mafi ƙanƙantar masu jin sa ya kai shekara 45. Na biyun ne ke bakin kabari. Shi ya sa matakan da hukumar UNESCO ta tsara suka bi shekaru: in yara sun daina koyo a gida, harshen ya shiga haɗari tabbas. In kakanni ne kawai ke yin sa, iyaye suna ji amma ba sa yi wa yara, haɗarin ya tsananta. In kakannin ma sai jefi-jefi, ana gab da rasa shi.

Wanda ke son auna harshen garinsu ya zaɓi gida talatin, wasu a tsakiyar gari, wasu a ƙauyukan gefe. Kada ya tambayi maigida ko yaransa suna ji, domin kowa zai ce suna ji. Ya zauna ya saurara. Abu uku zai duba: da wane harshe mata masu goyo ke magana da jarirai, da wane harshe yara ke wasa in babu babba kusa, sannan in kaka ta aiki jikanta da harshen, da me yake amsa mata. In ta yi masa harshen gida ya amsa da Hausa, to wannan yaron yana ji amma ba zai mayar ba, kuma wanda ba ya mayarwa ba zai ba ɗansa ba. Shekarun masu goyon nan su ne lissafin gaskiya. Ranar da ya zama babu mace mai haihuwa da harshen ya zauna a bakinta, gida shi kaɗai ba zai iya gyara abin ba.

Hajiya Asabe: Malam Garba, kada dai a yi wa makaranta rashin adalci. Yaro yana yini a can. In ana koyar da harshen sau uku a mako, shekara shida, ai wani abu zai shiga.

Malam Garba: Wani abu zai shiga, Hajiya, amma mu lissafa. Darasi uku na minti 40 awa biyu ke nan a mako. Yaro kuwa yana farke sama da awa 80 a mako, duk da wani harshen. Ƙasar Ailan ta gwada wannan fiye da kowa. Tun 1922 ake koyar da harshensu na gado a makarantu. A ƙidayar 2016 sama da mutum miliyan 1.7 suka ce suna iya harshen, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta kimanin 74,000 ne kawai. Ajin ya samar da masu cin jarrabawa, bai samar da gidaje ba. Masanin harshe Joshua Fishman ya yi wannan gargaɗin a 1991: ya jera matakai takwas na farfaɗo da harshe, ya ce na shida, wato gida da unguwa inda manya ke miƙa wa yara, shi ne ginshiƙi, kuma duk wanda ya tsallake shi ya tafi rediyo da jami'a yana gini ne ba tushe.

Ladi: Ku yi haƙuri, in na fahimta kuna cewa Hausa ce za ta mutu? Don yaran 'yan boko a Abuja da yawa Turanci suke yi a gida.

Hajiya Asabe: A'a Ladi. Hausa tana da miliyoyin yara masu tashi da ita. A wannan zancen Hausa ita ce babbar bishiyar da ƙanana ke bushewa a inuwarta. Auyokawa da Shirawa da Teshenawa duk suna da harsunansu a da, yau Hausa suke yi. Ajawa na ƙasar Bauchi ma haka. Abin da kika gani a Abuja gida-gida ne ke rasa harshe, ba al'umma ba, ko da yake hanyar iri ɗaya ce.

Danladi: To Malam, in ba aji ba, me Maorin suka yi?

Malam Garba: Sun lura iyaye ba su da harshen, kakanni ne ke da shi, sai suka tsallake tsakiya suka haɗa kakanni da jikoki kai tsaye. A 1982 aka buɗe Kohanga Reo ta farko a Wainuiomata, kusa da Wellington. Ma'anar sunan sheƙar harshe. Ana kawo yara tun suna jarirai har su isa shiga firamare, su yini tare da tsofaffi. Ba darasi ake yi ba. Ana ci, ana wasa, ana waƙa, ana tsawatarwa, ana kwantar da su barci, duk da Maori, kuma doka ɗaya ce mai ƙarfi: Turanci ba ya shiga ɗakin. Iyalai ne ke tafiyar da wurin, ba ma'aikatar ilimi ba. Cikin shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu sheƙun suka haura 800, yara kusan 14,000.

Matsala ta farko ta fito da wuri. Yaro ya fita sheƙa da harshe a bakinsa, ya shiga firamaren Turanci, kafin a jima ya fara zubar da shi. Dole aka buɗe makarantun da ake koyar da komai da Maori, ta farko a 1985 a Hoani Waititi da ke Auckland, sannan a 1987 doka ta mai da harshen na hukuma. Kin ga Hajiya, makaranta ta shigo, amma a bayan sheƙa ta zo, kuma lissafi da kimiyya ake yi da harshen, ba darasin minti 40 ba.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Daga tsakiyar shekarun 1990 yawan yaran ya riƙa raguwa. Tsofaffin da aka dogara da su suna rasuwa, matasan da suka gaje su da yawa a aji suka koya, harshensu bai kai na kakanni ba. Ga kuma ƙa'idojin gwamnati na gini da takardun shaidar malanta, waɗanda tsohuwa mai cikakken harshe ba ta da su.

Bitrus: A wajenmu ma tsofaffin da suka iya sosai ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ba za su iya yini da yara ashirin ba. Mu sai mu haƙura ke nan?

Malam Garba: Akwai hanyar da ta dace da irin wannan hali. Masaniyar harshe Leanne Hinton da 'yan asalin Kalifoniya ta Amurka sun fara ta a 1992. Ana haɗa tsoho ɗaya da matashi ɗaya, su yi awa 10 zuwa 20 a mako tare, har kimanin shekara uku. Ba allo ba alli. Su je gona, su yi girki, su gyara danga, ba a sa babban harshe ko kaɗan. Abin da almajirin zai fara haddacewa shi ne yadda ake cewa "mene ne wannan", "sake faɗa", "me kake yi", don ya riƙa jawo harshen da kansa. Inda abin ke lalacewa sananne ne: tsohon ya ga yaron na wahala, tausayi ya sa ya fassara masa da Hausa, daga nan zaman ya koma hira a kan harshen maimakon hira da harshen. Ko kuma a tsaya kan jera sunaye, kai, ƙafa, akuya, a shekara ba a haɗa jimla ba. A naɗi zaman a waya, almajirin ya riƙa saurara. Ni da zan zaɓi almajirai, 'yan mata da matasan da ke gab da aure zan sa gaba, domin su ne za su riƙe sheƙar gobe.

Danladi: To ka dawo gidana. Naɗin nan da rubutawa ai shi nake faɗa. In tsofaffin Bitrus suka tafi kafin shekara ukun ta cika, me zai rage in ba takarda ba?

Malam Garba: A nan ka yi gaskiya. Aikin da masanin harshe Russell Schuh ya jagoranta a Yobe ya fitar da ƙamusoshin Bade da Bole da Karekare da Ngamo da Ngizim, kuma dukiya ce. Sai dai a naɗi hira da tatsuniya da faɗa da rarrashi, ba jerin kalmomi kaɗai ba, kuma a sa alamar karin sauti, domin harsunan nan masu kari ne, wanda bai taɓa ji ba ba zai iya karanta su daidai ba. Ajiya ce wannan. Ba ita ce ke sa yaro magana ba.

Hajiya Asabe: Ni abin da ban ji an amsa ba shi ne dalilin uwar. Ba wauta ta sa ta koma Hausa ba. Kasuwa da Hausa ake ci, wa'azi da Hausa, a masallaci da coci duka, mijinta wataƙila ɗan wata ƙabila ne, kuma ta san yadda ake yi wa mai gargada Hausa dariya. Maori suna da gwamnati mai kuɗi da harshe ɗaya tak da za a ceta. Najeriya tana da sama da 500. Wa zai ciyar da tsohuwar da ta bar gonarta ta zauna da yara?

Malam Garba: Sheƙun farko ba da kuɗi mai yawa suka tashi ba, Hajiya, da aikin sa-kai ne. Kuma ba a ce uwa ta hana ɗanta Hausa ba, titi zai ba shi ita kyauta. Amma zancen kunya da auratayya, wannan ban ga sheƙar da ke maganinsa ita kaɗai ba.

Bitrus: Ga wata kuma. Mu unguwar tudu da ta gangare ba iri ɗaya muke furta abubuwa ba, kowa yana cewa nasa ne na asali. In an buɗe sheƙa ɗaya, da bakin wa za a yi wa yaran magana?