Abin da aka tsayar kan lebul ɗin man shafawa

Yawancin masu haɗa man shafawa a gida da suka yi magana sun ce lebul ne ke fara tona asiri. Wata ta ce sitikar takarda ta fara liƙawa, cikin sati ɗaya maiƙo ya jiƙa ta, rubutun ya narke, kwastoma kuwa in ta ga haka ai ba za ta ƙara ko sisi ba. Shawara ita ce a buga a sitikar leda mai hana ruwa, a goge jikin robar da sifirit ya bushe kafin a manna, in ba haka ba gefen zai ɗago.

An kuma dage kan abin da za a rubuta, wato nauyin man kaɗai banda roba, misali giram 100, sai kayan haɗin daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, ranar haɗawa da lambar zubi, don in wani zubin ya lalace ka san wanda za ka janye. Wasu sun fi son kwalba, ni dai ina ganin roba mai kauri da sil a ƙarƙashin murfi ta isa, tunda kwalba tana fashewa a hanya. Kuma kar a rubuta wai yana maganin cuta.