Idan Saƙon Imel Ya Dawo

Abin da masu aika wasiƙun tallace-tallace suka fi haɗuwa a kansa shi ne a duba lambar kuskuren da ke cikin saƙon da ya dawo kafin a karanta komai. Idan ta fara da 4, matsalar ta wucin gadi ce, kuma sabar da ta aika za ta ci gaba da gwadawa da kanta, sau da yawa har kwana huɗu zuwa biyar. Sake aikawa da hannu ba ya ƙara komai sai maimaici.

Mai farawa da 5 kuwa ƙi ne na dindindin, amma ba kowanne ke nufin a goge adireshi ba. `550 5.1.1` na nufin babu akwatin. A fara duba rubutun, domin wanda ya rubuta `gmial.com` gyara yake buƙata. In rubutun daidai ne, a cire adireshin daga jeri nan take. Yawan aika wa matattun adireshi na zubar da mutuncin mai aikawa a wurin manyan sabobi.

An fi jan muhawara a kan `5.7.1`. Nan sau da yawa akwatin na nan da ransa, saƙon aka ƙi, ko don an ɗauke shi shara ko don saitin SPF da DKIM, masu tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito, bai daidaita ba. Galibi gyaran yana wurinka. Shi kuwa `5.2.2`, wato akwati ya cika, yawanci sun ce a ba shi makonni kaɗan, in bai sauya ba a cire.