Salari renj: me za mu ce masa da Hausa?

Mai Fassara: Salam jama'a, ina fassara tallar neman ma'aikata sai na ci karo da abin da suke kira salari renj, wato a rubuta albashi daga dubu 300 zuwa dubu 450. Na sa "tazarar albashi" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Ofis: Matakin albashi mana, ai shi kowa ya sani.

Hajiya Akawu: A'a malam, kowane mataki ai yana da nasa ƙasa da sama, su ake nufi. Tazara kuma sai a ɗauka gibin da ke tsakanin albashin wani da wani ne. Ni dai "zangon albashi" nake cewa, don zango yana da mafari da tsakiya da ƙarshe, kuma tsakiyar ce magana. A misalinka tsakiya dubu 375 ke nan, yawanci ita ce kuɗin wanda ya riga ya iya aikin sosai, ƙasan na mai koyo ne, saman kuwa sau da yawa na waɗanda suka daɗe a kujerar ne, da wuya a ba sabon shiga.

Auta: Wayyo Hajiya da na sani. Ni na ga irin wannan na faɗi na sama kai tsaye, suka taya ƙasa-ƙasa, na ji kunya na amsa, wata ya ƙare kuma abin da ya shigo akawun bai ma kai haka ba!

Hajiya Akawu: Ƙanwata wannan lambar kafin a cire haraji da fansho ce. Gaba ki fara da tambaya biyu: alawus na ciki ko daban yake, sannan zangon nan na ɗaukar sabo ne ko na matakin gaba ɗaya. In sun taya miki 320 kar ki ce ya yi kaɗan ki yi shiru, ki ce tallarku ta nemi shekara 3, ina da 5, kuma na taɓa riƙe irin aikin, don haka ina ganin wurina 390 ne, me ya sa kuka ajiye ni kusa da ƙasa? In sun ce kasafi ya ƙare a nan, ki nemi a rubuta a takardar ɗauka cewa za a sake duba albashin bayan wata 6.

Ɗan Ofis: Toh amma zango fa kunne lokaci yake kai shi, kamar zangon karatu, wani zai zaci albashin wata uku ake nufi. Me zai hana "iyakokin albashi"?

Mai Fassara: Iyaka kuma sai mai nema ya ji kamar katanga ce, alhali wani sa'in ana ɗan haurawa. Bari na sa "zangon albashi, daga kaza zuwa kaza" tukuna, lambobin za su kore shakka.

Auta: Hajiya in zangon ya yi faɗi kamar 200 zuwa 600 fa?

Hajiya Akawu: Galibi matakai biyu ko uku aka haɗe a talla ɗaya. Ki tambaya wanne suke ɗaukarki a kai kafin ki furta lamba.