Neman kalmar Hausa: halofil, tamofil da saikurofil

Mai fassara: Malamai, ina fassara darasi kan ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a ruwa mai tsananin gishiri, wato halofil, ko zafi, wato tamofil, ko sanyi, wato saikurofil. Na rubuta "majure gishiri" a madadin halofil, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Ɗalibi: A ganina ta yi, Malam, tun da gishiri yana tsotse ruwan jikin ƙwaya ya kashe ta, wadda ta tsira kuwa ai jurewa ta yi.

Malamar kimiyya: Tsotsewar gaskiya ce, amma juriya ba ta kama ma'anar ba, domin halofil na ainihi ba ya rayuwa sai da gishirin. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita, alhali jajayen ƙwayoyin da ke rina tafkunan gishiri sun fi yaɗo a wajen giram 250. Dabararsu ita ce su tara gishirin fotasiyam a cikin jiki har ya daidaita da gishirin waje. Furotin ɗinsu ma a kan haka aka gina su: bayansu cike yake da asfatet da gulutamet, tubalan ginin furotin masu cajin lantarki na korau, waɗanda ke riƙe ruwa da fotasiyam. Da zarar gishiri ya ragu, waɗannan cajin sai su riƙa ture juna, furotin ya warware, bangon ƙwayar ya fashe. Ana ganin wannan da ido: in aka zuba musu ruwan daɗi, gurɓin da ke cikin kwalbar yakan washe, ruwan ya yi yauƙi saboda sinadarin gado da ya tsiyayo. Ina ba da shawarar "ma'abota gishiri", a bar "majure" ga waɗanda gishirin bai zame musu dole ba.

Ma'aikacin lafiya: Ashe ke nan ma'abota zafi su ne masu haddasa zazzaɓi?

Malamar kimiyya: A'a, Malam, jikin mutum ya yi musu sanyi. Ƙwayar da masanin kimiyya Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka ta fi girma a wajen digiri 70 na ma'aunin Celsius. A wasu da suka fi ta son zafi, maiƙon tantanin jikinsu a haɗe yake daga ciki zuwa waje, shimfiɗa guda maimakon biyu, don haka ba ya saurin yoyo.

Mai fassara: Na karɓi ma'abota gishiri da ma'abota zafi. Na sanyin ne ke damuna, domin mai karatu zai ɗauka ba su motsi sai a cikin ƙanƙara.

Malamar kimiyya: Damuwarka tana kan hanya. Sun fi yaɗo a digiri 15 ko ƙasa, kuma ba su girma in aka wuce wajen 20, saboda furotin ɗinsu mai laushi ne, tantaninsu kuma cike yake da maiƙo mai lanƙwasa wanda ba ya daskarewa da wuri, ɗumi kaɗan ya isa ya lalata su.

Ɗalibi: To, Malama, waɗanda ke yaɗo a sanyi amma suka fi son ɗumi fa? Majure sanyi za mu kira su, ko suna buƙatar suna na uku?